PR 47 sun maƙale, Oga na jiran rahoto ranar Alhamis: ku duba min kafin in tura

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara. Ni ke jagorantar tawagar mutum tara a wani kamfani da ke yin manhajar biyan kuɗi, ba sai na kama suna ba. Jiya manajanmu ya buɗe GitHub da kansa ya ga `pull request`, wato PR, guda 47 a buɗe, wani ma tun watan jiya, ga kuma abokin ciniki yana ta kira kan gyaran da muka ce an gama. Ya ce in rubuto masa rahoto kafin Alhamis: me ya kawo cinkoson, me za a yi. Ga abin da na fara rubutawa:

"Ranka ya daɗe, dalilin da ya sa PR suka taru shi ne masu duba aiki ba sa dubawa da wuri, musamman babban injiniyanmu, wanda kusan komai ke jiransa. Shawarata a umarci kowa ya riƙa duba PR kullum, kuma a ɗauki ƙarin mutum ɗaya."

Na karanta sau uku, raina bai kwanta da shi ba. Me ya rage?

Yusuf: Wa alaikumus salam. Maƙalewar tana tsayawa ne a rabi in ka yi `git pull`? Ni ma ya taɓa yi min haka sati guda cur, ashe matsalar intanet ɗin ofis ce. Ka gwada da datar wayarka ka gani.

Nura: A'a Yusuf, jawo aikin lafiya lau yake. Ina nufin aikin da aka gama, aka miƙa don a duba a haɗe shi da babban reshe, sai ya zauna babu motsi.

Yusuf: Au, to na gane yanzu. Bari in koma gefe in saurara.

Abba: Ni a ganina rahoton ya yi, sai dai ka ƙara abu ɗaya. Ku cire dokokin nan na kare babban reshe, wato `main`. Rabin cinkoson da nake gani a wurare daga nan yake fitowa. Mutum tara ne fa, kun san juna, kowa ya haɗe aikinsa in gwaji ya wuce, magana ta ƙare.

Injiniya Hadiza: Nura, don Allah kar ka tura wannan. Abin da ka rubuta zato ne, kuma zaton da zai ɗora wa mutum ɗaya laifi a gaban mai biyansa albashi. Manaja in ya karanta, abu biyu zai iya yi: ya kira bawan Allahn nan ya yi masa faɗa, ko ya ce babu kuɗin ɗaukar sabon ma'aikaci. Bayan wata guda PR ɗin su zama 55.

Kalmar "sun maƙale" ta haɗa cututtuka daban-daban. Wani PR yana jiran a fara kallonsa, wani an duba an ce a gyara mai shi bai dawo ba, wani kuwa an amince da shi tuntuni amma maɓallin haɗewa bai buɗe ba. Kowanne maganinsa daban. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka rarraba 47 ɗin ka ga kowanne wa yake jira. Yi wannan:

```
gh pr list --state open --limit 100 \
  --json number,isDraft,reviewDecision,mergeStateStatus,additions,deletions,createdAt
```

Kar ka manta da `--limit`, in ba haka ba 30 kawai zai nuna maka. Ka lura da `reviewDecision` da `mergeStateStatus`, su biyun za su faɗa maka kusan komai. Sannan ka ƙirga guda nawa ake buɗewa a sati, guda nawa ake rufewa, a ce na sati shida da suka wuce.

Nura: To Yaya Hadiza, ki ba ni zuwa bayan la'asar.

Usman: Kafin ya dawo, bari in faɗi nawa, don ni na taɓa zama wannan "babban injiniyan". A inda na yi aiki da, duk abin da ya taɓa lissafin kuɗi sai na sa hannu. Ina da nawa aikin da aka ba ni wa'adi a kansa, ina shiga taro uku a rana, sannan in dare ya yi in buɗe kwamfuta in tarar da PR mai layi dubu ɗaya da ɗari biyar yana jirana, ba ko bayani a kansa sai taken "gyare-gyare". Wallahi irin wannan ko na buɗe rufewa nake yi in ce gobe, don ba zan iya sa hannu a kan kuɗin mutane alhali idona ya gaji ba. Ranar da aka rubuta sunana a rahoto cewa ni ke riƙe da tawaga, babu wanda ya tambaye ni awa nawa aka ware min don dubawa. Amsar ita ce ko ɗaya. Wata uku bayan nan na ajiye aikin. Nura, ka je ka zauna da mutumin nan kafin ka rubuta komai a kansa.

Nura: Na dawo. Malam Usman, maganarka ta taɓa ni, kuma na je na same shi. Ga yadda 47 ɗin suka kasu.

Guda 8 `Draft` ne ko an yi watsi da su, biyu ma masu su sun bar kamfanin. Guda 21 suna jiran dubawar farko, kuma 16 daga cikinsu shi kaɗai suke jira. Guda 5 an nemi gyara, masu su ba su waiwaya ba. Guda 2 suna nuna `Expected — Waiting for status to be reported` kwana da kwanaki, babu abin da ke gudana. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sauran 11: tara a cikinsu `APPROVED` ne amma suna `BEHIND`, wato an amince da su amma `main` ya wuce su, biyun kuma an taɓa amincewa da su, amincewar ta goge, sun koma layi.

Shigowa kuwa, kimanin 22 a sati. Fita 17.

Injiniya Hadiza: Madalla, yanzu ka samu rahoto. Fara da lissafin ƙarshe, don shi manaja zai fi saurin fahimta: 22 na shiga, 17 na fita, kowane sati ana samun rarar 5. Cikin wata biyu ka tara 40 ba tare da kowa ya yi kasala ba. Kuma in ka cire matattun nan 8, saura 39, ka raba da 17, za ka ga duk sabon PR zai yi kimanin sati biyu da 'yan kwanaki kafin ya fita. Wannan shi ne lissafin da John Little ya tabbatar a 1961 game da layin jira. Ƙiyasi ne kawai tunda layinku ƙaruwa yake yi, amma ya isa ya nuna wa Oga abin da abokin ciniki ke ji a jikinsa.

Yanzu 11 ɗin nan. Gwajinku minti nawa yake ɗauka? Kuma ka duba saitin reshen, shin an kunna `Require branches to be up to date before merging` da `Dismiss stale pull request approvals when new commits are pushed`?

Nura: Minti 40, wani lokacin 45. Kuma duka biyun a kunne suke.

Injiniya Hadiza: To ga tarkon. Doka ta farko ta ce ba a haɗe PR sai ya ƙunshi sabon abin da ke `main`. A ce Aisha da Kabiru duk an amince da nasu da safe. Duk sun danna `Update branch`, gwaji ya fara. Na Aisha ya riga gamawa da minti biyu, ta haɗe. Nan take na Kabiru ya koma baya, sai ya sake sabuntawa ya jira wasu minti 40. Shi kuma ba zai zauna yana kallon allo ba, zai kama wani aiki, ya tuna da shi bayan azahar, a lokacin wani ya sake shiga gabansa. Ko da kowa ya tsaya a kan ƙafarsa, awa takwas minti 480 ne, ka raba da 40, guda 12 ne iyakar abin da zai iya wucewa a rana. A zahiri uku ko huɗu kuke samu.

Doka ta biyu ita ke ƙara gishiri a ciwon. In sabuntawar ta canza abin da mai dubawa ya gani lokacin da ya amince, amincewar gogewa take yi. Sai PR ya koma wurin wa? Wurin mutumin da tuni 16 ke jira. Wato wani ɓangare na nauyin da ke kansa aikin da ya riga ya duba ne yake dawo masa.

Abba: To ai maganata ce ta fito. Dokokin ne matsalar.

Injiniya Hadiza: Ka yi gaskiya a rabi, Abba. Dokokin sun riƙe 11, da kuma 2 ɗin can masu jiran gwajin da ba zai zo ba. Amma dokar sabuntawa tana da dalili. PR biyu kowanne zai iya wuce gwaji shi kaɗai, in an haɗa su su fasa `main`: ɗaya ya canza sunan wani aiki a kod, ɗayan kuma ya ƙara sabon kira da tsohon sunan. Git ba zai ga karo ba tunda ba layi ɗaya suka taɓa ba. A manhajar da ke motsa kuɗin mutane ba zan ce a cire komai a bar ƙofa a buɗe ba.

Abba: Sau nawa hakan ke faruwa a tawagar mutum tara? In gwaji yana sake gudana a kan `main` bayan kowace haɗewa, kuma ba a tura wa jama'a sai ya wuce, to in ya fashe a janye cikin minti goma. Sau ɗaya a wata ka yi wannan, ya fi ka biya minti 40 sau goma a kullum.

Injiniya Hadiza: Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba, kuma tawagogi da yawa haka suke yi. Sharaɗin shi ne wanda ka faɗa da bakinka: kada abin da ya shiga `main` ya tafi wurin jama'a kai tsaye. Nura ne ya san nasu. Hanya ta uku ita ce `merge queue`, wanda GitHub ya buɗe wa kowa a 2023. Shi ke jera PR ɗin da aka amince da su, ya gwada kowanne a kan na gabansa, ya haɗe da kansa, babu mai gadin allo. Sai dai a rumbun kod na sirri sai kamfani yana kan tsarin Enterprise Cloud, kuma dole a ƙara `merge_group` cikin abubuwan da ke tayar da gwajin, in ba haka ba layin ma zai tsaya yana jiran sakamakon da ba zai zo ba.

Nura: Ba ma kan wannan tsarin, kuma da farashin dala a yanzu ban ga Oga zai sa hannu ba. Amma turawa wurin jama'a da hannu muke yi, Talata da Alhamis.

Wani abu kuma. Da na zauna da babban namu, ya ce shi ma bai san me ya sa komai ke zuwa masa ba, har gyaran launin maɓalli. Muka buɗe `CODEOWNERS` tare, wato fayil ɗin da ke nuna wa zai duba wane ɓangare, ga abin da muka gani a ƙasan fayil ɗin, na canza sunayen:

```
/src/payments/   @kamfani/kudi
/src/ui/         @kamfani/fuska
*.ts             @babba
```

Wani ne ya ƙara layin ƙarshe bara, lokacin da muke komawa TypeScript, don ya riƙa lura da salon rubutu.

Usman: Innalillahi. A fayil ɗin nan layin da ya dace na ƙarshe shi ke rinjaye. Wato layin nan guda ya shafe na sama duka, duk fayil mai `.ts` nasa ne shi kaɗai. Shekara guda bawan Allah yana ɗauke da jinka da hannu ɗaya, kuma saura ƙiris a kai ƙararsa.

Nura: Wallahi kunya ta kama ni da na tuna abin da na fara rubutawa.

Maryam: Ni ba injiniya ba ce, ɓangaren tsara aiki nake, irin waɗanda ake rubuto wa rahoton. Ku bar ni in faɗi abin da nake so in gani. Shafi ɗaya. A layin farko a gaya min nawa ne suka tsaya, tun yaushe, kuma wane alkawarin abokin ciniki ne ke ciki. Sannan me kuke iya gyarawa da kanku, me kuma kuke buƙata daga gare ni. Yawancin rahotannin da nake samu suna cika ni da bayanin fasaha, in kai ƙarshe ban ga inda aka ce in yanke hukunci ba. Kuma Nura, ka faɗi abin da gyaran zai ci. In ka ce a ware wa mutane lokacin dubawa, to wani aikin zai yi jinkiri, ka faɗa min wanne ne tun yanzu, kar in ji a bakin abokin ciniki.

Amma ban yarda a ɓoye cewa mutum ɗaya 16 ke jira ba. Wannan haɗari ne ga kamfani, in ya kwanta rashin lafiya fa? Dole manaja ya sani.

Usman: A faɗi adadin, a faɗi layin da ya jawo. Suna ne ban ga amfaninsa ba. Rahoto yana yawo, wanda zai karanta bayan wata shida ba zai tuna da fayil ba, sunan kawai zai riƙe.

Maryam: A tawagar mutum tara kowa ya san wa ake nufi, Malam Usman. Ɓoyewar ma tana iya sa a ga kamar akwai laifi. Ni da zan rubuta sunansa in ce shi ya taimaka aka gano.

Nura: Zan tambaye shi wanda ya fi so. Yaya Hadiza, saura biyun nan masu jiran sakamako, da kuma maganar girman PR. Cikin 21 ɗin, bakwai sun haura layi 800, kuma su ne suka fi daɗewa.

Injiniya Hadiza: Biyun nan, ka duba ko takardun bayani kawai suka taɓa. In an sa `paths` a fayil ɗin gwaji don kada ya gudana sai an taɓa kod, kuma gwajin yana cikin na dole, to PR ɗin da bai taɓa kod ba zai jira har abada, tunda gwajin bai ma tashi ba balle ya kawo rahoto. Gyaran shi ne a bar shi ya tashi kullum, a sa sharaɗin `if` a kan aikin da ke ciki. Aikin da aka tsallake ta wannan hanyar ana ɗaukarsa ya wuce.

Girma kuwa, binciken da SmartBear suka yi a kamfanin Cisco ya nuna ido yana fara rasa kurakurai in an haura layi 400 a zama ɗaya. Ni dai ba na son a mayar da shi doka mai toshe hanya, don canza suna a fayil hamsin zai iya kai layi dubu kuma a duba shi cikin minti biyar, gyaran layi talatin a lissafin kuɗi kuwa ya ci awa guda. Ku ce in ya haura 400, mai shi ya raba ko ya rubuta dalilin da ya hana. Abin da ya fi tasiri a wurina shi ne wa'adin amsar farko. A ƙa'idojin duba kod da Google suka wallafa, iyakar jira ranar aiki ɗaya ce. Amsa fa, ba lallai amincewa ba, ko da "na gani, ya yi girma, raba shi biyu" ce.

Abba: In babu inji mai toshewa, 400 ɗin nan sati biyu zai yi a manta da shi. Na gani da idona.

Nura: Mai yiwuwa. Zan fara da na baki, in sake ƙirgawa bayan wata. Ga sabon rubutun, ku duba:

"Ranka ya daɗe. PR 47 ne a buɗe, 8 daga ciki matattu ne za mu rufe su yau. Sauran 39 suna ɗaukar kimanin sati biyu kafin su fita, saboda 22 ke shigowa a sati, 17 ke fita. Gyaran da muka yi wa abokin ciniki alkawari yana cikin waɗanda aka amince da su tun kwana tara, zai tafi a turawar Talata.

Dalilai uku ne suka riƙe mafi yawa. Wani layi da aka ƙara bara a fayil ɗin rabon dubawa ya mayar da kusan komai kan mutum ɗaya, 16 na jiransa, kuma ba a ware masa lokacin wannan aiki ba. Guda 11 an amince da su amma suna zagaye: duk wanda aka haɗe yana mayar da sauran baya, su sake gwajin minti 40, wani lokacin amincewar ma ta goge. Sannan manyan PR bakwai, masu layi sama da 800, babu mai samun zaman da zai duba su.

Abin da za mu yi da kanmu a wannan satin: cire layin nan, a mayar da kowane ɓangare hannun tawagar mutum uku da GitHub zai riƙa raba musu bi da bi, gyara gwajin da ya riƙe guda biyu, masu guda biyar da aka nemi gyara su amsa ko su rufe kafin Juma'a.

Abin da nake nema daga gare ka: izinin ware awa ɗaya kowace safiya ga mutum uku don dubawa, da kwana biyu da ba za a fara sabon aiki ba sai an rage layin. Wannan zai jinkirta shafin rahoton wata-wata da kimanin sati ɗaya. Sai kuma izinin kashe dokar sabunta reshe na gwajin wata guda, tunda gwaji na sake gudana kafin kowace turawa. In babban reshe ya fashe fiye da sau biyu, mu mayar da ita. Ban nemi ƙarin ma'aikaci ba a yanzu. Zan kawo maka adadin buɗaɗɗu da tsawon jiran amsar farko kowace Litinin."

Maryam: Wannan zan iya sa masa hannu a tsaye. Ka dai ɗaga sakin layin "abin da nake nema" ya dawo na biyu, wasu manajojin ba sa kaiwa ƙasa.

Injiniya Hadiza: Ya yi kyau. Abu ɗaya: mutum ukun da za su karɓi ɓangaren kuɗi, sun san shi? In ba su sani ba, ka sauya cinkoso da sa hannun da babu dubawa a cikinsa, kuma ba za ka gani a adadin Litinin ba, sai ranar da lissafi ya ƙi daidaita. Su yi sati biyu suna dubawa tare da shi tukuna. Kuma ka tabbatar tawagar tana da izinin rubutu a rumbun, in ba haka ba `CODEOWNERS` ba zai kula ta ba. Dokar sabuntawa kuwa, ni da zan bar ta in fara rage minti 40 ɗin, don ina zargin rabinsa sauke kayan da ba a adana ba ne a kowane zagaye.

Abba: Rage gwajin aikin sati uku ne, kashe dokar dannawa ɗaya ce. A fara da mai sauƙi.

Nura: Zan sa duka biyun a rahoton, kowanne da abin da zai ci, Oga ya zaɓa. Game da sanin ɓangaren kuɗi, gaskiya mutum ɗaya ne cikin ukun ya taɓa aiki a ciki sosai. Zan gyara in ce ɓangaren fuska ya koma hannun tawaga yau, na kuɗi kuma bayan sati biyu. Shi kuma babban namu ya ce in rubuta sunansa, wai ya fi son a san shi ya buɗe fayil ɗin.

Yusuf: Yaya Hadiza, tambaya ɗaya. Na gwada umarnin nan a namu rumbun, `mergeStateStatus` ya nuna `UNKNOWN` a kusan rabi. Na yi kuskure ne?

Injiniya Hadiza: Ba ka yi ba. GitHub ba ya lissafa shi sai an nema, karon farko yakan ce bai sani ba tukuna. Jira minti ɗaya ka sake bugawa.